Duba hamza da ƙarshen kalma a rubutun Larabcin ɗalibai Hausawa: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da malaman Larabci na makarantun faranko-arab da na Islamiyya a nan Tawa suke yawan yi wa juna lokacin gyaran kaye, da wasu da iyaye kan kawo. Na tara su ne a kan abu biyu da suka fi cinye wa yaranmu maki a imla'i, wato hamza da harafin da kalma ke ƙarewa da shi. Ra'ayina a kai ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe: kafin malam ya ja jan biki a ƙarƙashin kuskure, ya fara gano inda kuskuren ya fito. Wani daga kunne ne, wani daga allo ne, wani kuma rashin sanin ƙa'ida ne, kuma kowanne da maganinsa.

Me ya sa yaron da ya iya karatun Alƙur'ani sosai yake faɗuwa a hamza?

Saboda abin da ya iya ɗin ne yake ja masa hannu. A ƙasarmu da ruwayar Warshu ake karatun allo, kuma Warshu yana sassauta hamza a wurare da yawa. Inda littafin lakwal ya rubuta يؤمنون, yaron ya haddace "yuminuna" da wawu mai ja, ba tare da wani tsayawar maƙogwaro ba. Haka يأكلون ta zama "yakuluna", بئر ta zama "bir", الذئب ta zama "azzib". Akwai kuma naƙali, inda ake ɗauke wasalin hamza a ɗora wa harafi mai ɗauri da ke gabanta, ita kuma ta ɓace. Shi ya sa yake karanta الأرض "alardu", yake karanta قد أفلح "ƙadaflaha". Yaron da ya shekara biyar ko shida yana wanke allo yana sake rubutawa da wannan kunne, in ka ce ya rubuta مؤمن zai rubuta مومن hankalinsa kwance.

Kada a ce masa abin da ya koya a wurin malaminsa na zaure kuskure ne, domin ba kuskure ba ne, ruwaya ce ingantacciya. Abin da za a gaya masa shi ne rubutu iri biyu ne: na Mushafi, wanda ake kiyayewa yadda aka same shi, da na imla'i, wanda ake rubuta wasiƙa da jarrabawa da shi. Tun da aka buɗe madarasar Say a 1957 yaranmu suke tafiya da waɗannan biyun tare, kuma wanda aka bambance masa su da wuri ba ya wahala.

To rikita hamza da ain fa, shi ma daga allo ne?

A'a, wannan daga Hausa ne. Muna da sautin hamza a harshenmu, muna yinsa a "sa'a" da "jama'a" da "ma'ana", amma ba mu da ain. Duk kalmomin nan uku da ain suke a Larabci, mu muka mayar da shi hamza. Don haka kunnen Bahaushe yana jin سأل (ya yi tambaya) da سعل (ya yi tari) abu ɗaya. Haka أمل (buri) da عمل (aiki), haka ألم (ciwo) da علم (tuta).

Ƙa'idar kujerar hamza ba ta gyara wannan, ko an maimaita ta sau ɗari. Abin da ke gyara shi shi ne kalmomi bibbiyu irin na sama, malam ya furta ɗaya, yara su nuna wadda suka ji a tablo, minti biyar a farkon darasi. Kuma malam ya saurari kansa. In shi ma "alam" yake cewa ga علم da ألم duka lokacin imla'i, bai kamata ya cire wa yaro maki a kan abin da bakinsa bai bambanta ba.

Allah gafarta malam, yaya zan san alif ɗin farkon kalma yana ɗaukar hamza ko ba ya ɗauka?

Sa wawu ko fa a gaban kalmar ka furta. In ka ji hamzar ta tsaya, hamzar yankewa ce, ana rubuta ta: "wa akala", وأكل. In ta narke har wawun ya haɗe da harafi na gaba, hamzar sadarwa ce, alif ne tsirara: "wajtama'a", واجتمع.

Gwajin yana aiki ne ga wanda bakinsa ya saba da kalmar. Wanda bai saba ba zai ce "wa ijtama'a" ya rubuta hamza, shi ya sa dole a haddace wuraren sadarwa, kuma ba su da yawa. Akwai alif na ال. Akwai umarnin aikatau mai harafi uku, kamar اكتب da اجلس. Akwai aikatau mai harafi biyar ko shida, shuɗaɗɗensa da umarninsa da masdarinsa, kamar اجتمع da اجتماع da استغفار. Sai ƴan sunaye da aka ji haka daga Larabawa, waɗanda yara suka fi haɗuwa da su su ne اسم، ابن، ابنة، امرأة، اثنان، اثنتان.

Kuskuren da ya fi yawa a nan ba barin hamza ba ne, ƙara ta ne inda babu. Duba saman takardun jarrabawa za ka ga إمتحان da إختبار da الإسم da يوم الإثنين, kuma sau da yawa hannun babba ne ya rubuta su a tablo yara suka kwafa. Daidai shi ne امتحان، اختبار، الاسم، الاثنين. Aikatau mai harafi huɗu kuwa hamzarsa tana nan daram: أكرم، إكرام، أسلم، إسلام. Haka hamzar mai magana da kansa, komai tsawon aikatau ɗin. Istigfarin da muke yi kullum, أستغفر الله, da hamza yake, domin "ina neman gafara" ake nufi. In aka cire ta ya koma umarni ga wani ko labarin wani.

Ƙa'idar tsakiyar kalma tana rikita ni ni kaina. Akwai hanya mai sauƙi?

Akwai, kuma tambaya biyu ce kawai. Mene ne wasalin hamzar? Mene ne wasalin harafin da ke gabanta? Wanda ya fi ƙarfi a cikinsu shi ke zaɓar kujera. Kisira ta fi kowa ƙarfi, kujerarta haƙori ne irin na ya marar ɗigo. Rufu'a ke bi mata, kujerarta wawu. Sai fataha, kujerarta alif. Ɗauri shi ne na ƙarshe, ba ya rinjayar kowa.

Ɗauki tushe ɗaya ka juya shi a gaban yara, ya fi jera musu kalmomi ashirin marasa dangantaka. A سَأَلَ fataha ce da fataha, sai alif. A سُئِلَ sin na da rufu'a, hamza na da kisira, kisira ta yi rinjaye. A سُؤَال sin na da rufu'a, hamza na da fataha, rufu'a ta yi rinjaye, sai wawu. A مَسْأَلَة sin ɗaure yake, hamza na da fataha, sai alif. A سَائِل kisira ce kuma. Kalma biyar, kujera uku, tushe ɗaya.

Abin da nake roƙon malamai shi ne su tilasta wa yaro ya sa wasalin nan biyu da fensir a duk kalmar da ke da hamza a tsakiya, ko da sauran rubutun ba shi da wasali. Nan take za ka ga inda cutar take. Yaron da ya rubuta سُأِلَ ya san karatun kalmar, ƙa'idar ce bai riƙe ba. Wanda ya rubuta سَأَلَ a jimlar da ke buƙatar "an tambaya" bai gane jimlar ba ne, matsalarsa ta nahawu ce, kuma darasin hamza ba zai taɓa ta ba.

Togaciya biyu sun isa matakin firamare da koleji. Hamza mai fataha bayan alif mai ja tana zama a kan layi ita kaɗai, kamar قراءة da تساءل. Bayan ya mai ɗauri kuwa tana hawa haƙori, kamar بيئة da هيئة.

Hamzar ƙarshe ita ma haka ake auna ta?

A'a, kuma nan ne yaran da suka riƙe ƙa'idar tsakiya da kyau suke zamewa. A ƙarshen kalma ba a duba wasalin hamzar kwata-kwata, domin yana sauyawa da matsayin kalmar a jimla. Harafin da ke gabanta kaɗai ake dubawa. In fataha gare shi, alif: قرأ، خطأ. In kisira, ya marar ɗigo: شاطئ، قارئ. In rufu'a, wawu: لؤلؤ، تباطؤ. In kuwa ɗaure yake ko harafin ja ne, hamza ta zauna a kan layi: جزء، بطء، ضوء، سماء، شيء.

Wannan ta ƙarshen, شيء, ita ce kalmar da na fi gani a gurguje cikin kayen yara. Suna rubuta شئ, su ɗora hamzar a kan ya su cire mata ɗigo. Amma ya ɗin nan harafi ne na kalmar, mai ɗauri, da ɗigonsa biyu, hamzar kuma bayansa take a ƙasa. Sa yaro ya rubuta قارئ da شيء kusa da juna ya faɗi da bakinsa abin da ya bambanta su.

Da tanwinin fataha ya shigo sai a ƙara lura. Ana cewa جزءًا da alif bayan hamza, domin zayi ba ya haɗuwa da abin da ke bayansa. Ana cewa شيئًا a haɗe, domin ya tana haɗuwa. Amma ماءً da مساءً da سماءً ba a ƙara musu alif, hamza ba ta zama tsakanin alif biyu a irin wannan wuri. Haka خطأً, alif ɗin da take kai ya wadatar.

In lamiri ya manne a bayan kalmar, hamzar ta koma ta tsakiya, kujerarta kuma ta bi i'irabi: جاء أبناؤه، رأيت أبناءه، سلمت على أبنائه. Wanda ya rubuta waɗannan uku daidai ya san fa'ili da maf'uli da majruri, don haka nakan sa su a jarrabawar nahawu ma.

Ɗiyata tana rubuta sunanta فاطمه, malaminsu yana ta cire mata maki. Ɗigo biyu ne fa kawai?

Hajiya, malamin yana da gaskiya, domin ɗigon nan biyu su ne suka raba ta kuri da ha kuri, kuma haruffa ne daban. Abin da ke rikita yara shi ne in an tsaya a kan kalma duka biyun "h" ake ji, mu kuma a Hausa ko "h" ɗin ba ma yi, "Fatima" muke cewa.

Sai dai maganin yana bakinmu. Muna kiran Fatimatu da A'ishatu da Halimatu, kuma "tu" ɗin nan ita ce ta kurin da ta fito fili. Gwajin ke nan: a ci gaba da kalmar, kada a tsaya. A sa mata tanwini ko a ce "nawa". مدرسة ta zama "madarasati", an ji ta, saboda haka ɗigo biyu. وجه ta zama "wajhi", ha ce har yanzu, babu ɗigo. Haka مياه da فواكه da فقيه, da lamirin له da كتابه, da sunan Allah, duk ba a ɗiga musu.

Gefe na biyu shi ne raba ta kuri da buɗaɗɗiyar ta, kuma gwajin juyawa yake yi: yanzu a tsaya. In an tsaya an ji "t", buɗaɗɗiya ce, kamar بيت da وقت da بنت da معلمات. Aikatau kuwa ba ya ƙarewa da ta kuri ko kaɗan, ذهبت da كتبت da قالت duk a buɗe suke.

Mahaddata suna da nasu dalilin a nan ma. A Mushafi akwai wuraren da aka rubuta رحمت da نعمت da امرأت a buɗe, kamar a farkon suratu Maryam, kuma an rubuta الصلوة da الزكوة da wawu. A kayen imla'i رحمة da نعمة da الصلاة da الزكاة ake so.

Ɗigon ya ta ƙarshe dole ne? Ga littattafai nan bugaggu da ba su sa shi.

Gaskiya ne. Bugun Masar da yawa ba ya ɗiga ya ta ƙarshe, Mushafi ma haka, kuma a rubutunmu na allo, wanda ya samo asali daga na Magrib, akan bar nun da fa da ƙaf da ya na ƙarshen kalma ba ɗigo. Malamin da ya yi karatu a Azhar yana iya dawowa da wannan hannu, ba laifi ba ne a wurinsa.

Duk da haka ina ganin a tilasta ɗigon a aji. Balarabe yana gane kalmar daga jimla, yaronmu kuwa da rubutun yake dogara. In babu ɗigo, على (a kan) da علي (Ali) sun zama ɗaya, نيامي ta koma ana iya karanta ta "Niyama". Dokar aji ta zama: in an ji "i" a ƙarshe, ya da ɗigo biyu, in an ji "a", babu ɗigo. A salula ma maɓallan ي da ى daban suke, a nuna wa manyan ɗalibai, domin da yawa suna danna wanda ya fi kusa da yatsa.

In kalma ta ƙare da "a" mai ja, yaushe ne ا, yaushe ne ى?

A aikatau mai harafi uku, mayar da shi ga mai magana. دعا ta ba da دعوت, wawu ya fito, sai alif tsaye. رمى ta ba da رميت, ya ta fito, sai ى. In kalmar ta wuce harafi uku ى ce, kamar مستشفى da أعطى da ذكرى, sai in ya ce ke gaban alif ɗin, kamar دنيا da هدايا. Sunan يحيى an bar shi da ى don a raba shi da aikatau يحيا. Sunayen ƙasashen waje da alif tsaye suke, kamar فرنسا da نيجيريا. A cikin ƙananan haruffan ma'ana huɗu ne ke da ى: إلى، على، حتى، بلى.

Yara suna ƙara harafi a ƙarshen kalma inda babu shi. Daga ina wannan?

Kusan kowace kalmar Hausa da wasali take ƙarewa, kuma da yawa a ja muke yinsa. Sai yaro ya ja gajeren wasalin Larabci a bakinsa, hannunsa ya bi: هو ta zama هوا, أنتِ ta zama أنتي, لكِ ta zama لكي. Tanwini ma yakan koma nun, كتابٌ ta zama كتابن. Gwajin tsayawa ne ke kama duka: ka tsaya a kan كتابٌ ka ji "kitab", nun ɗin ya tafi, ashe ba harafi ba ne. Ka tsaya a kan مسكن, nun yana nan.

Alif ɗin bayan wawu kuwa na wawun jam'i ne a aikatau kawai: كتبوا، لم يكتبوا، اكتبوا. Ba a sa shi a هو يدعو, ko da Mushafi ya sa, ba a sa shi a معلمو المدرسة.

Za a iya nuna mana yadda ake gyara takarda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe?

Ga jimlar da aka yi imla'inta:

ذهبت فاطمة إلى المدرسة مساءً، وسألت عن أسماء زملائها، ثم قرأت شيئًا من سورة الأعلى

Ga irin abin da ɗalibi matsakaici zai iya kawowa:

ذهبة فاطمه الى المدرسة مساءا وسعلت عن أسماء زملاءها ثم قرأت شيءا من سورة الأعلي

Kada a bi ta kalma bayan kalma, ido yana gajiya ya tsallake. A bi ta sau uku, kowane zagaye da abin da ake nema. Zagayen farko ƙarshen kalmomi kaɗai. Nan za a kama ذهبة, aikatau da ta kuri, da فاطمه ba ɗigo, da مساءا mai alif na ƙari, da الأعلي da aka ɗiga. Zagaye na biyu farkon kalmomi, duk wadda ta fara da alif a yi mata gwajin wawu. "Wa ila", hamza ta tsaya, الى ta rasa hamzarta ta ƙasa. Zagaye na uku tsakiya: سعلت da زملاءها da شيءا.

Kuskure takwas ke nan, kuma in ana cire maki ɗaya a kowanne cikin 20, ya tashi da 12. Amma lambar ba ta gaya wa malam abin da zai koyar gobe. Sai an rarraba su. سعلت na kunne ne, ya mayar da Fatima mai tari maimakon mai tambaya. ذهبة da فاطمه tushensu ɗaya, ya san akwai ta kuri, har ya rubuta المدرسة da سورة daidai, amma ba ya gwada kalma kafin ya rufe ta. مساءا da شيءا darasi ɗaya ne, tanwini bayan hamza. زملاءها na nahawu ne, bai ga cewa kalmar majrura ce ba saboda an jingina أسماء gare ta. الى da الأعلي kuwa sun fi kama da sakacin hannu, tun da ya sa hamza a أسماء da قرأت.

Ashe takwas ɗin sun koma gida biyar, biyu daga ciki ma ana gama su a zama ɗaya. Ni ba na rubuta masa daidai a saman kalmar. Ina ja layi, in sa harafi ɗaya a gefen takarda, ء ko ة ko ى, shi ya nemo gyaran ya faɗa mini gwajin da ya yi.

Yadda malam ke karanta imla'in yana da tasiri?

Sosai. Wanda ke karantawa kalma ɗaya ɗaya yana tsayawa a kan kowacce ya ɓoye duk ta kuri da duk tanwini, ya kuma mayar da kowace hamzar sadarwa ta yankewa. A karanta jimlar a haɗe da wasalin ƙarshenta sau ɗaya, sannan a yanka ta gaɓa gaɓa, sannan a sake haɗa ta kafin a karɓi kaye.

Akwai inda bai kamata a cire maki ba?

Akwai kalmomin da Larabawa da kansu suke rubutawa iri biyu. مسؤول da مسئول duk suna nan a bugaggun littattafai, na biyun ya fi yawa a Masar. Haka شؤون da شئون, haka مئة da مائة. Makaranta ta zaɓi ɗaya ta koyar, amma wanda ya zo da ɗayar ba a kayar da shi.

Wadda ba a yi wa rangwame ita ce إنشاء الله a madadin إن شاء الله. Kalma uku ce, إن daban, شاء daban, sannan sunan Allah. In aka haɗe biyun farko an samu wata kalma dabam mai ma'anar ƙagawa, wadda yara suka sani da sunan darasin insha'i, kuma jimlar ta daina nufin "in Allah ya so". A gyara ta a kaye, a gyara ta a tablo, a kuma gyara ta a saƙonnin da malamai ke tura wa iyaye ta salula, domin daga can ma yara suke kwafa.